Anti ta karanta saƙona, "in sha Allah" kawai ta turo min

Assalamu alaikum Uwargida. Ina sayar da atamfa da mayafai a gida, a Unguwar Rogo da ke Jos. Cikin azumi, ranar 5 ga Maris, wata ƙawar yayata da muke ce wa Anti, malamar makaranta ce, ta ɗauki atamfa turmi shida a kan dubu goma sha takwas-takwas, da mayafi huɗu a kan dubu shida da ɗari biyar-biyar. Ta ce za ta sayar wa abokan aikinta, bayan sallah ta biya ni. Ta turo dubu hamsin ta banki, daga baya ta aiko ɗanta da dubu ashirin, saura kusan dubu saba'in. Sau uku ina tura mata wannan saƙo ta WhatsApp: "Slm Anti ya gida ya yara. Dama maganar nan ce naji shiru. Wlh ina cikin wani hali, dan Allah ki taimaka min ko da wani abu ne. Kiyi hakuri na dame ki." Takan karanta, ta ce "in sha Allah", shi ke nan. Ga shi ina son zuwa kasuwar Kwari ta Kano sarin kayan babbar sallah. Raina ya ɓaci har na yi niyyar yin habaici a sitatus. Yaya zan rubuta mata ba tare da na yi rashin kunya ba, kuma ba tare da na koma kamar mai bara ba?

Maman Hanifa, Jos

Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Kafin mu taɓa waya, ɗauko littafinki mu yi lissafi. Turmi shida a kan 18,000 ya kama 108,000. Mayafi huɗu a kan 6,500 ya kama 26,000. Jimla 134,000. Abin da ya shigo hannunki 70,000 ne. Saura 64,000, ba "kusan dubu saba'in" ba. Dubu shidan nan da kika ƙara ba da gangan ba, da kin faɗe ta a saƙo, da ita za a kama a bar sauran. Mai jan ƙafa wajen biya ba abin da yake so kamar a ba shi lissafin da ke da ƙofa, don daga ranar an daina maganar yaushe zai biya, an koma gardamar nawa ne. Kuma wadda ta taɓa kama ki da ƙarin dubu shida, ko bisa kuskure ne, ta samu labarin da za ta ba yayarki.

Yanzu ki sake karanta saƙonki kamar ke ce Anti, kina zaune a ofishin malamai tsakanin darasi da darasi, waya ta yi ƙara. "Maganar nan." Wace magana? Ku biyu kun sani, amma rubutun bai sani ba. Babu sunan kaya, babu kuɗi, babu rana. Idan gobe aka nuna wa wani dattijo wannan saƙon aka ce ga shaidar bashi, zai ce shi dai ya ga wata tana neman taimako. Kuma da gaskiyarsa, domin abin da kika rubuta ke nan. "Ki taimaka min" kalmar mai roƙo ce, shi kuwa taimako ganin dama ne, ana yin sa idan an samu sarari. Da kika ƙara "ko da wani abu ne", kin ba ta izinin turo dubu biyu ta ɗauka ta fita haƙƙinki na wannan watan. Sannan kika rufe da ban haƙuri, kamar ke ce kika yi laifi. Don haka "in sha Allah" ɗin da take turowa ba raini ba ne dole. Amsa ce daidai da tambayar. Ba ki tambaye ta abin da ke buƙatar amsa ba.

Na san abin da ya sa kika rubuta haka. Ta girme ki, ƙawar yayarki ce, kuma mu an raine mu a kan cewa ambaton kuɗi ƙiri-ƙiri a gaban babba rashin ta ido ne. Shi ya sa muke kewaye-kewaye, muna jiran ya gane da kansa. To amma ki lura da inda kewayen yake kai mutum. Sau uku kin yi kara, ba a gane ba, yanzu zuciya ta kawo ki bakin habaici a sitatus. Haka abin yake tafiya kullum: daga kunyar da ta yi yawa sai a tsallaka zuwa tonon silili, ba a tsaya a tsakiya ba. A tsakiyar nan kuwa saƙon ɗan kasuwa yake. Girmamawa tana cikin gaisuwa da lafazi. Ba ta cikin ɓoye lamba.

Batun sitatus ki bar shi gaba ɗaya. Duk wanda ke da lambarki zai gani, rabinsu za su san da wa kike, sauran masu riƙe da kuɗinki kowa zai ɗauka da shi ake. Ita kuma Anti za ta samu abin da ba ta da shi yanzu, wato dalili. Yau ita ce mai jin nauyinki. Ranar da kika yi habaicin, ta zama wadda aka ci wa mutunci, sai a kira zaman sulhu a gidan yayarki, ki tarar ke ake sa wa ki ba da haƙuri, dubu sittin da huɗu kuma ba wanda ya ƙara tuna ta.

Akwai aiki kaɗan kafin rubutun. Ki buɗe saƙonnin bankinki ki nemo ranar da dubu hamsin ta shigo. Ki duba littafi ko hirarku ki nemo ranar da yaron ya kawo dubu ashirin. Wannan ta biyun ita ce mai hatsari, don kuɗin hannu ba ya barin sawu: ita tana iya tuna cewa dubu ashirin da biyar ta ƙirga, yaro kuma yaro ne. Ba ki faɗa min ranakun ba, don haka zan sa 12 ga Maris da 10 ga Afrilu a matsayin misali, ki musanya su da na gaskiya. Ki kuma tambayi kanki tsakani da Allah ko akwai wani abu da ya shiga tsakani: ragin da kika yi mata da baki, ko turmin da ta ce ya yi zuba tana son dawowa da shi. Idan akwai, ke ki fara ambatarsa.

Sai ki zaɓi rana. "Bayan sallah" ba rana ba ce, ai yau ma bayan sallah muke, kuma baɗi ma bayan sallah ce. Ranar da za ki sa ta fito daga buƙatarki ta gaskiya, wato tafiyar Kano, ki kuma ba ta aƙalla mako guda. Ki tuna su wa ta sayar wa: malamai, masu jiran albashi. Idan kika sa mata ranar 15 ga wata, kin sa ranar da ke da ita kun san da wuya. Idan kuma kika bari babbar sallah ta matso sosai, kuɗin kowa ya tafi wajen rago da ɗinki. Saboda haka za ki ba ta hanya biyu, kowacce da ranarta. Ga yadda zan rubuta da ni ce:

"Assalamu alaikum Anti, ina wuni, ya gida ya yara, ya aiki? Allah ya taimaka.

Anti, ina rufe lissafin kayan azumi ne kafin in tafi sari, shi ne na ce bari in turo miki namu ki duba.

Kayan da kika ɗauka ranar 5 ga Maris: atamfa turmi 6 a kan 18,000, ya kama 108,000. Mayafi 4 a kan 6,500, ya kama 26,000. Jimla 134,000.

Abin da na karɓa: 50,000 ta banki ranar 12 ga Maris, da 20,000 da aka aiko yaro da ita ranar 10 ga Afrilu. Jimla 70,000.

Saura 64,000.

Don Allah Anti ki duba ko haka yake a wajenki, in akwai gyara ki faɗa min. Ina buƙatar cikon zuwa ranar Juma'a 23 ga Mayu, saboda zan tafi Kwari sarin kayan sallah. In ba zai yiwu gaba ɗaya ba, a turo 32,000 ranar 23, sauran 32,000 ranar Juma'a 30 ga Mayu. Wanne ya fi miki sauƙi?

Na gode, Allah ya bar zumunci."

A ƙarƙashinsa, a saƙo na daban, ki tura sunan banki, lambar asusu da sunan da ke kan asusun. Na daban nake cewa don ta iya kwafe lambar ba tare da ta ɗauko dogon saƙon ba. Ko da tana da lambar tun da, ki sake turawa, kada "ban ga akawun ɗin ba" ta ci miki kwana biyu.

Ki lura da jimlar farko bayan gaisuwa. "Ina rufe lissafin kayan azumi" tana gaya mata cewa wannan aikin kasuwanci ne da kike yi wa kowa, ba ita kaɗai aka ware ba. Wannan shi ne suturar da kika yi mata, kuma ya fi ban haƙuri goma. Amma ki sa ya zama gaskiya: ki rufe lissafin da gaske, ki tura wa duk mai sauran kuɗinki irinsa. Ki lura kuma na ce "na karɓa", na jera abin da ta biya kafin in ambaci abin da ya rage. Wadda ta biya fiye da rabi tana son a san ta biya. Mutum ya fi saurin cika abin da aka yarda ya fara.

Jimlar da ta fi kowacce daraja a wajena ita ce "ki duba ko haka yake a wajenki". A ido ladabi ce, kin ba babba damar gyara miki. A aiki kuwa ita ce ke mayar da bashin baki ya zama rubutacce. Ranar da Anti ta rubuta "haka ne", ko ma ta ce "eh amma sai ƙarshen wata", ta amsa da hannunta cewa 64,000 ce. Idan kuma ta ce a'a, dubu ashirin da biyar ta aiko, kin gode Allah, gara ki ji yanzu da ki ji a gaban mutane. Sai ku warware wannan dubu biyar ɗin ita kaɗai, ki ce sauran 59,000 da ba a gardama a kanta a turo ta a ranar da aka sa. Kada ki bari ƙaramar gardama ta riƙe babban kuɗi. Kuma kada wani ya ce miki rubuta bashi tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da sa masa lokaci sananne ta sauka.

Tambayar ƙarshe ma da dalili na sa ta. "Wanne ya fi miki sauƙi?" ba a amsa ta da "in sha Allah" kaɗai. Dole a ce na farko, ko na biyu, ko a kawo na uku. Idan ta kawo na uku, ta ce sai 5 ga wata mai zuwa, ki duba ko za ki iya ɗauka. In za ki iya, ki maimaita mata a rubuce: "To Anti, mun tsaya a kan 64,000 ranar 5 ga Yuni. Allah ya kai mu." Ranar da mutum ya zaɓa da bakinsa ta fi ranar da aka ɗora masa nauyi a wuyansa.

Za ki ga na cire "wallahi ina cikin wani hali". Na san gaskiya ne, jarin mai sayar da kaya a gida bai kai a riƙe masa dubu sittin wata biyu ba. Amma da kin buɗe ƙofar kukan hali, ita ma tana da nata: kuɗin makaranta, mara lafiya, albashin da bai shigo ba. Sai a shiga gasar wa ya fi shan wuya, kuma a wannan gasar ƙarama ba ta cin babba. Dalili ɗaya na kasuwanci ya isa, za ki sari. Kuɗinki ne ko kina cikin hali ko ba kya ciki. Haka nan ban sa rantsuwa ba, ban sa "Allah ya isa" ba, ban kuma sa wa'azi a kan mai mutuwa da bashi ba. Anti ta san wannan wa'azin tun kafin a haife ki. Kada kuma ki rubuta cewa in ta wuce ranar za ki ƙara dubu biyar. Ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ce, wato kuɗin ruwa, kuma ba ku yi wannan da ita ba tun farko.

Wata magana da ba kasafai ake faɗa ba: ki rubuta cikakkun kalmomi. "Slm" da "wlh" na hirar ƙawaye ne. Saƙon da aka rubuta sallamarsa cikakkiya, aka raba layinsa, aka sa lambobi da alƙaluma, tun kafin a karanta shi ya nuna ba wasa aka zo yi ba. Ki rubuta 64,000, kada ki rubuta 64 kawai. Kuma a rubuce, ba saƙon murya ba. Na san da yawanmu mun fi sakewa da murya, amma murya tana ɗauke da fushi ko rawar baki, ana saurarenta sau ɗaya a wuce, kuma ba a iya duba lamba a cikinta. Idan Anti ta fi son murya, ko ta kira ki kuka yi magana, ba laifi. Da kun ajiye waya ki rubuta: "Anti na gode da kira. Kamar yadda muka yi, 32,000 ranar 23, sauran ranar 30." Ni kaina na taɓa asarar kuɗin zannuwan gado a kan wannan, shekarun baya. Mun yi magana mai daɗi a waya, kowa ya kashe yana murna, bayan wata guda matar ta rantse ba haka muka yi ba, kuma har yau ban tabbata ƙarya take yi ba. Kowannenmu abin da yake so ya ji shi ya ji.

Ki tura da rana, tsakanin la'asar da magariba, lokacin da ta taso daga makaranta. Ba tsakar dare ba, ba da asuba ba, ba ranar da kika san ana biki ko zaman makoki a gidansu ba. Ki tura mata ita kaɗai, ba a zauren 'yan'uwa ko na 'yan adashi ba. Kafin ki tura, ki taɓa sunanta a saman hirar ki duba wurin da aka rubuta Disappearing messages. Idan a kunne yake, saƙonni suna gogewa da kansu bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90, gwargwadon yadda aka saita, sai ki kashe shi. Da ta amsa lissafin, ki ɗauki hoton fuskar wayar ki ajiye, don mai saƙo yana iya goge nasa daga ɓangarorin biyu. Wannan ba zargi ba ne, wayoyi ma suna ɓata, suna faɗawa ruwa.

Daga nan sai ki yi shiru. Wannan shi ne mai wuyar. Kada ki bi saƙon da "Anti kin gani?" bayan awa ɗaya, kada ki tura alamar tambaya, kada ki zauna kina gadin shuɗin layi biyu. Wasu ma sun kashe alamar, suna karantawa ba ta nunawa. Ki ba ta kwana biyu. Idan "in sha Allah" ta sake dawowa, ki karɓe ta da hannu biyu ki mayar da tambayar: "Allah ya yarda Anti. Lissafin daidai ne? Kuma in sa ran 23 ne gaba ɗaya, ko kashi biyu?" Ana gobe ranar biya ki tura layi ɗaya na tuni tare da lambar asusu.

A nan ne za ki gane wace irin mai bashi ce a hannunki, abin da tsohon saƙonki ba zai taɓa nuna miki ba. Wadda ba ta da shi da gaske takan amsa lissafi, ta faɗi abin da ya faru, sau da yawa ma za ki ji cewa malaman da ta ba kayan ne ba su biya ta ba, ta kuma kawo abin da za ta iya. Wannan a yi mata sauƙi, aya ta 280 a surar nan ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu. Kina iya raba mata kashi huɗu, 16,000 duk mako ko duk wata, ko ki ce in akwai turmin da bai fita ba kuma ba a yanka shi ba, ta dawo da shi a cire 18,000, tunda kasuwar sallah na tafe za ki sayar. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ita kuwa mai jan rai, alamarta ita ce ba ta taɓa lambar. Za ta gaishe ki, ta yi miki addu'a, ta tambayi Hanifa, amma ba za ta ce "haka ne" ba, ba za ta ce "ba haka ba ne" ba.

In ranar ta wuce shiru, saƙo na biyu ya fi na farko gajarta, kuma shi ma ba zafi a cikinsa:

"Assalamu alaikum Anti. Ranar 23 ta wuce ban ga saƙo ba, kuma ban ji daga gare ki ba. Cikon yana nan 64,000. Don Allah ki sa min ranar da za ki iya zuwa jibi Litinin. In ban ji ba zan roƙi Yaya ta zauna da mu mu uku mu daidaita, tunda ta dalilinta muka san juna."

Ki faɗa mata kafin ki kai wa yayarki, kada ta ji daga sama. Kuma kada ki rubuta matakin da ba za ki ɗauka ba. Idan kin ce Litinin, to Talata ki je gidan Yaya da littafinki da wayarki. Masu cewa "zan kai ki wajen 'yan sanda" suna ɓata bakinsu ne kawai: sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba, bashin ciniki kuwa a nan yake. Hanyarsa ita ce manya, in ta ƙi sai kotu, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta buɗe ƙofar karɓar saƙonnin waya a matsayin shaida idan an cika sharuɗɗanta. Ban ce za ku kai can ba, a kan wannan kuɗin da wannan dangantakar da wuya a wuce falon Yaya.

Idan kuɗi ya shigo, ki duba asusunki da kanki kafin ki ce kin gani, kada ki dogara da hoton rasit, don wani lokacin banki yana riƙe kuɗi ko ya mayar da shi. In ta tura ta wajen masu cirar kuɗi na bakin titi, sunan mai injin ne zai fito ba nata ba, sai ki haɗa adadin da lokacin. Sannan ki rubuta mata nan take: "Anti na ga 32,000 yau 23 ga Mayu, na gode. Saura 32,000 zuwa ranar 30." Ranar da ta cika kuma: "Na ga cikon 32,000. Lissafin kayan 5 ga Maris ya rufe, ba saura. Allah ya ƙara arziki." In ta dawo ɗaukar kayan babbar sallah, kuma ina zaton za ta dawo, kafin yaro ya fita da ledar ki tura mata sunan kaya da kuɗinsu da ranar biya, ki jira ta rubuta "to".